Haɗa shawa mai zafin nan take: wace waya, wace bireka, wane makunni?

Baban Khadija

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin wuta da ke wannan zaure kafin in kashe kuɗi. Ganin hunturu ya ƙarato, kuma mahaifiyata ta dawo wurina da zama a nan Zariya, na sayi shawa irin mai zafafa ruwa nan take, wadda ba ta da tanki. A jikinta an rubuta 7.5kW da 230V. Banɗakin da za a sa ta yana da tsohon layin hita mai tanki da ta lalace tuntuni: waya mai milimita 2.5, bireka mai amfiya 20 a akwatin rabon wuta, da makunni mai jar fitila a bakin ƙofa, shi ma mai amfiya 20. Yaron da yake mana gyaran wuta ya ɗora shawar a kan wannan layi, ta yi aiki, amma ba a yin minti huɗu ko biyar sai bireka ta faɗi. Yanzu ya ce maganin abin shi ne a cire mai 20 a sa mai 40, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba, domin da na dafa makunnin bayan an gama wanka na ji shi da ɗumi sosai. Daga akwatin zuwa banɗakin mita 18 ne idan aka bi ta cikin silin, kuma rufin gidan na kwano ne.

Injiniya Hauwa

Wa alaikumus salam. Malam, ina roƙonka ka kashe wannan layi daga akwati tun yau, kada kowa ya sake wanka da shi, kuma kada ka yarda a canja birekar nan. Birekar da ke faɗuwa ba ta lalace ba, aikinta take yi, ita ce ma kaɗai abin da ya tsaya tsakanin wayar nan da gobara.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka raba wat 7500 da bolt 230, za a samu amfiya 32.6, kuma wannan shi ne abin da shawarka take ja tun daga lokacin da aka buɗe ta har a rufe. Wayar jan ƙarfe mai milimita 2.5 da ke cikin bututu a jikin bango, abin da aka tsara ta ɗauka shi ne amfiya 24, shi ma idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Zafin da waya ke yi kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar, ya fi ta saurin hawa, ta yadda amfiya 32.6 za ta haifar da zafi kusan ninki biyu na abin da amfiya 24 ke haifarwa. Bireka mai 20 tana jin wannan nauyi, shi ya sa take haƙuri na ’yan mintoci sannan ta yanke. Ranar da aka sa mai 40, ba za ta ƙara faɗuwa ba, domin a wurinta 32.6 ba laifi ba ne, sai dai robar wayar ta riƙa dahuwa a cikin silin inda ido ba ya gani.

Ƙa’idar da muke aiki da ita ita ce, bireka waya take karewa, ba na’ura ba. Saboda haka ana fara sanin abin da na’urar ke ja, a zaɓi birekar da ta kai shi ko ta ɗara, sannan a zaɓi wayar da za ta iya ɗaukar abin da birekar za ta bari ya wuce. A naka, bireka mai 40 daidai ce, amma sai a kan sabuwar waya da aka ja daga akwati kai tsaye zuwa shawar, ba tare da an raba ta da soket ko fitila ko na’urar sanyaya ɗaki ba.

Malam Haruna mai wayarin

Abin da Injiniya ta faɗa gaskiya ne, ba ni da ja a kan milimita 2.5. A sayo mai milimita 6 a ja sabon layi, magana ta ƙare. Shekarata ashirin da ɗoriya ina wannan sana’a, kuma mai 6 nake sa wa irin wannan shawa, ban taɓa komawa na tarar ta ƙone ba. Abin da zan ƙara shi ne, a bar wa wayar rara saboda halin wutarmu, domin idan wuta ta zo ba ƙarfi, na’ura takan ja amfiya fiye da kima don ta cike giɓin, a nan ne waya ke cin wuya.

Injiniya Hauwa

Malam Haruna, da girmamawa, maganar raunin wuta gaskiya ce a kan injin famfo da firji da na’urar sanyaya ɗaki, wato duk abin da yake da mota a ciki. Shawa kuwa ƙarfen zafi ne kawai, ba ta da dabarar ƙara ja. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, abin da take ja zai sauka zuwa kusan amfiya 25 da rabi, ƙarfinta kuma ya koma kilowat 4.6. Wayar hutawa take yi a lokacin, mai wanka ne zai ji ruwan ya zama ɗumi-ɗumi. Lokacin da layin ke shan nauyi shi ne da asuba, sa’ad da unguwa ke barci wuta ta cika, wanda kuma shi ne lokacin da Hajiya, mahaifiyar Baban Khadija, za ta shiga wanka.

A kan milimita 6 kuma, a nan ne nake ɗan tsayawa. Mai 6 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 41 a zafin digiri 30, wato da ƙyar ta haura bireka mai 40. Amma Baban Khadija ya ce ta cikin silin za a bi, ƙarƙashin kwano. Duk wanda ya taɓa hawa silin a watan Afrilu ya san numfashi ma da ƙyar ake yi a wurin. Idan zafin ya kai digiri 45, ana rage ƙarfin waya mai rufin roba da kusan kashi 21 cikin ɗari, sai 41 ta koma kimanin 32, ƙasa da birekar, kuma ƙasa kaɗan da abin da shawar ke ja. Mai milimita 10 tana farawa daga 57, bayan ragin ta tsaya a 45, har yanzu tana sama da bireka. Tsawon mita 18 ba shi ne matsala ba, domin ko a mai 6 bolt huɗu da ’yan kai kawai za a rasa a hanya. Zafin silin ne ya sa nake cewa a sa mai 10.

Malam Haruna mai wayarin

Na karɓi gyara a kan raunin wuta, Allah ya ƙara basira. Amma a kan silin ban gamsu ba. Wa zai kunna ruwan zafi da azahar a watan Afrilu? Wannan abu na hunturu ne, da asuba ko da daddare, lokacin da kwano ya yi sanyi ƙarara. Kuma wanka minti goma ne, ba yini guda ba. Sannan shawa ba kamar layin soket ba ce da za a yi ta ɗora mata kaya, abin da take ja ba ya ƙaruwa. Mu da muke zuwa kasuwa mun san tazarar kuɗi tsakanin mai 6 da mai 10, kuma idan ka tsawwala wa mai gida, ƙarshe sai ya je ya sayo mai 10 ta jabu, wadda gara mai 6 ta gaske sau goma.

Injiniya Hauwa

Hujjarka tana da ƙarfi, musamman ta cewa nauyin ba ya ƙaruwa, kuma da a ce bututun cikin bango zai bi tun daga farko har ƙarshe, shi kaɗai ba tare da wasu layuka a ciki ba, da ba zan hana mai 6 ba. Abin da ya hana ni sa hannu shi ne, ana yin wayarin ne don duk wanda zai zauna a gidan, ba don tsarin yau kaɗai ba. Tsoho ko maras lafiya yakan nemi ruwan ɗumi a kowane wata, mai jego kuma ba ta duba kalanda. Idan mutum huɗu suka yi wanka a jere, an wuce minti goma nesa ba kusa ba. Kuma idan aka cusa wani layi a bututu ɗaya da ita, wani ragin kashi 20 cikin ɗari ne zai sake hawa.

Maganar jabu kuwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A yanki ɗan guntu a kanti kafin a biya kuɗi, a kankare sili ɗaya na wayar da wuƙa. Idan ciki ya fito fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Mai 6 ta gaske sili bakwai ce, kowane kaurinsa milimita 1.04, mai 10 kuma sili bakwai masu 1.35, kuma mai ma’aunin kauri zai gane wadda aka rage a cikin minti ɗaya.

Maman Sadik

Ku gafarce ni, ni hankalina ya tashi da wannan bayani. Hitar banɗakina a Kaduna shekara uku ke nan tana kan waya mai 2.5 da irin wannan makunni mai jar fitila. Ke nan sai in sa a fasa bango a canja zuwa mai 10?

Malam Haruna mai wayarin

Hajiya, taki mai tanki ce ko maras tanki? Ki duba ɗan rubutun da ke ƙasanta ki faɗa mana lambar da take gaban harafin W.

Maman Sadik

Mai tanki ce, lita 30, an rubuta 1500W.

Malam Haruna mai wayarin

To ki kwantar da hankalinki, ba abu ɗaya ba ne. Taki amfiya shida da rabi take ja, domin a hankali take dafa ruwan ta ajiye. Mai 2.5 da makunni mai 20 sun ishe ta har da rara, idan dai layinta ne ita kaɗai kuma birekarsa ba ta wuce 16 ko 20 ba. Tasa kuwa dole ta zafafa ruwan a cikin daƙiƙun da yake wucewa, shi ya sa take ja ninki biyar na taki. Abin da za ki sa a duba miki shi ne wayar ƙasa, wato ko koren layin nan yana haɗe da jikin hitar, kuma ya isa inda ya kamata.

Abu Yasir

Tunda an zo kan wayar ƙasa, bari in faɗi abin da ya same mu, domin har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. A gidan hayar da muka zauna a Jos, ƙanwata ta riƙa cewa kan famfon banɗaki yana ɗan tsikararta idan hannunta da sabulu, musamman a wurin da ta yanke da wuƙa. Mun ɗauka ba komai ba ne, tunda bireka ba ta taɓa faɗuwa ba. Wata safiya abin ya fizge ta har ta faɗi ta bugi bango, Allah ya sa da sauran kwana. Da aka buɗe hitar, sai aka ga ƙarfen zafin ya tsage, koren layin kuma an naɗe shi da salatif an tura shi cikin bango, ba a haɗa shi da komai ba. Tambayata ga Injiniya ita ce, me ya sa birekar ba ta yanke ba alhali wuta tana bin jikin mutum?

Injiniya Hauwa

Allah ya ƙara kiyayewa, Abu Yasir. Wannan tambaya ita ce ta fi duk sauran muhimmanci a banɗaki. Birekar da muka saba da ita yawan wuta kawai take ƙirgawa. Mai 40 ba za ta motsa ba sai abin da ke wucewa ya haura 40, alhali abin da zai iya rikita bugun zuciyar mutumin da ke tsaye cikin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. A idonta, jikin ƙanwarka bai kai ko ƙwan fitila ba.

Ko da an haɗa koren layin ma, a yawancin gidajenmu ƙarshensa sandar ƙarfe ce da aka kafa a ƙasa, kuma ƙasar arewa a lokacin hunturu busasshiya ce. A ƙaddara juriyar sandar om 100 ce. Idan layin wuta ya taɓa jikin shawa, bolt 230 a raba da 100, amfiya 2.3 ce kawai za ta bi ta ƙasa. Bireka mai 40 ba za ta taɓa ganin wannan ba, jikin shawar kuma zai ci gaba da ɗauke da wuta yana jiran wanda zai taɓa. Shi ya sa dole a sa wata na’ura mai jin yoyon wuta, wadda ake rubuta RCCB a jikinta, ko kuwa RCBO idan an haɗa ta da bireka a jiki ɗaya. Ita tana gwada abin da ya fita ta layin wuta da abin da ya dawo ta nutural, idan suka saɓa sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. A duba fuskarta a ga 30mA ko 0.03A. Akwai masu 100mA da 300mA a kasuwa, kamarsu ɗaya, amma waɗannan don rage haɗarin gobara ne, ba su isa kare mai wanka ba. Kuma idan RCCB ce, lambar 40 ko 63 da ke jikinta tana nuna abin da za ta iya ɗauka ne kawai, ba ta yankewa saboda nauyi, don haka ba ta maye gurbin bireka.

Tana da ɗan maɓalli mai harafin T, wanda ya kamata mai gida ya riƙa dannawa lokaci-lokaci ya ga ta faɗi. Sai dai wannan gwaji na’urar kaɗai yake tabbatarwa. Ko babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya za ta faɗi idan an danna, saboda haka sandar ƙasa sai an auna ta da na’urar awo.

Baban Khadija

Na gode ƙwarai, na kashe layin tun da na karanta amsar farko. Saura maganar makunni, wanda shi ne ya fara ba ni tsoro. Idan akwai bireka a akwati da kuma maɓalli a jikin shawar, ina amfanin na uku?

Malam Haruna mai wayarin

Amfaninsa shi ne a samu wurin yanke wutar gaba ɗaya kusa da banɗaki, ba sai an ruga falo ana laluben akwati ba idan wani abu ya faru, kuma mai gyara ya kashe a inda idonsa ke gani. Maɓallin jikin shawa ba ya raba ta da wuta, wayoyin da ke cikinta suna nan da ransu. Ka nemi mai amfiya 45, irin wanda ake sa wa kukar girki ta lantarki, amma maras soket a jiki, kuma ka tabbatar mai yanke layi biyu ne, na wuta da nutural tare. Dalili kuwa, sau nawa muka tarar an juya layi a kan falwaya bayan gyara, ko wajen haɗa janareta, nutural ya koma shi ne mai wuta. Bireka mai ƙafa ɗaya a irin wannan hali nutural take yankewa ta bar maka wuta a cikin na’ura. A kafa shi a wajen banɗaki, a bakin ƙofa, inda mai jiƙaƙƙen jiki ba zai miƙo hannu daga wurin wanka ya taɓa ba.

Abin da na fi gani yana ƙonewa a wannan aiki ba tsakiyar waya ba ne, bakin makunni ne. Waya mai kauri tana da taurin kai, idan akwatin bango bai da zurfi sai a danna ta da ƙarfi wajen rufewa, sukurun ya saki kaɗan, daga nan zafi ya fara. A sa akwati mai zurfin milimita 47, a tabbatar duk sili bakwai sun shiga rami ba a yanke biyu don ta shiga ba, a ɗaure, a lanƙwasa wayoyin su zauna, sannan a sake ɗaurewa kafin a rufe. Alamar wanda ya fara lalacewa ita ce fuskarsa ta yi ruwan ƙasa a gefe ɗaya, ko a riƙa jin wani wari kamar na kifi a bakin ƙofa. Kuma kada a ba shawar wuta sai ruwa ya cika ta yana fita sosai.

Abu Yasir

Har yanzu babu wanda ya yi maganar ƙarfin mitar wuta da na janareta. Ni ina ganin wannan ma abin dubawa ne.

Injiniya Hauwa

Haka ne. Baban Khadija, ka duba fuskar mitarka, za ka ga iyakar amfiyar da take ɗauka, ka kuma sa a duba babban makunnin gidan da wayar da ta shigo daga falwaya, domin shawar nan ita kaɗai za ta cinye 33 daga ciki. Layin kuma a ɗauke shi daga ɓangaren da wutar kamfani kaɗai ke shiga, kada ya bi ta inbata ko ƙaramin janareta, domin babu na gida da aka saba gani da zai ɗauki kilowat bakwai da rabi. Aikin cikin akwati kuma a ba wanda yake da shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki a Najeriya, wanda zai auna sandar ƙasa da saurin yankewar na’urar yoyo ya nuna maka lambobin.

Baban Khadija

Na dawo da bayani. Jiya na kawo wani ma’aikacin daban ya buɗe komai a gabana. Bayan makunnin mai 20 ya riga ya yi baƙi, robar jan layin ta ƙanƙance ta bar ƙarfe a fili kamar tsawon farce. Iyakar mitata amfiya 60 ce. Babu na’urar yoyo a akwatin ko ɗaya, sandar ƙasa kuma mun same ta a bayan kicin, amma wayarta ta ci tsatsa ta rabu da ita, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Mun fara da wannan, an kafa sabuwa an ɗaura, gobe zai zo da na’urar awo.

A kan wayar, ya auna wata hanya ta cikin bango da ba ta shiga silin sai mita uku na ƙarshe, ya ce shi da mai 6 zai yi. Na faɗa masa abin da Injiniya ta ce, ya yi shiru, sannan ya ce in yanke hukunci da kaina. Yanzu kuma wani tunani ya zo mini: da mita mai 60, ga dutsen guga da butar lantarki da ake kunnawa da safe, anya ba gara in mayar da wannan in karɓo mai kilowat 5.5 ba? Na yi lissafin da kuka koya mini, na samu amfiya 24.

Injiniya Hauwa

Lissafinka daidai ne, kuma da mai 5.5 ni da Malam Haruna ba mu da saɓani: bireka mai 32 ko ma 25, waya mai 6, wadda ko a zafin digiri 45 tana nan a kan 32. Mita ukun nan na silin kuwa ba su canja komai ga mai 7.5 ba, domin wurin da ya fi zafi shi ne ke yanke hukunci ga layin duka. Abin da za ka rasa shi ne yawan ruwa. Don ɗaga zafin ruwa da digiri 20, mai 7.5 tana ba da lita biyar da ɗan ƙari a minti, mai 5.5 kuma kusan lita huɗu, idan wuta ta cika ke nan. Ko hakan zai wadatar da Hajiya ya dogara da sanyin ruwan tankinku da asuba da kuma ƙarfin wutar unguwarku. Idan ma’aikacin ya zo gobe, ka roƙe shi ya auna bolt a akwati, ka kuma sa ma’aunin zafi a ruwan famfo kafin fitowar rana, ka kawo mana lambobin biyu.

Malam Haruna mai wayarin

Ka kuma tambayi mai kantin tun yau ko zai karɓi wadda aka riga aka ratsa ruwa a cikinta, kafin ka sayi ko mita ɗaya ta waya.